Neman shawara: furotokol na bita a kan rage wa 'yan makaranta fargaba a ƙasashe masu ƙarancin kuɗin shiga

Rukayya: Assalamu alaikum malamaina. Ina digiri na uku a fannin kiwon lafiyar al'umma, kuma babin farko na aikina bita ce mai tsari a kan shirye-shiryen da ake gudanarwa a makarantu don rage wa yara fargaba a ƙasashe masu ƙarancin kuɗin shiga. An ba ni mako shida in kawo furotokol, wato rubutaccen tsarin yadda za a gudanar da bitar. Na ɗan taɓa PubMed, rumbun takardun binciken lafiya, sai in ga takardu dubbai ko kuma 'yan ƙalilan, gwargwadon kalmar da na sa. Me ya kamata in yanke tun yanzu kafin in yi rajista a PROSPERO, inda ake rajistar irin wannan bita, kuma ina aka fi yin tuntuɓe? Mu biyu ne kawai, ni da wata abokiyar karatuna.

Dakta Bashir: Wa alaikumus salam, Malama Rukayya. Allah ya ba da sa'a. Kafin ki sake buɗe PubMed, ki zauna da kalmomi biyu na cikin taken aikinki, domin su ne za su yanke yawan takardun da za ki samu da kuma irinsu.

Ta farko ita ce "ƙarancin kuɗin shiga". Bankin Duniya ya kasa ƙasashe gida huɗu bisa abin da kowane mutum ke samu a shekara, kuma yana sabunta jerin a ranar 1 ga Yuli ta kowace shekara. Gidan ƙasa, wanda takenki ya ambata, bai kai ƙasashe 30 ba. Nijar da Chadi da Uganda da Burundi da Malawi suna ciki. Najeriya ba ta ciki, tana gida na biyu, haka Ghana da Kamaru da Indiya. Mutane da yawa suna rubuta take irin naki alhali a ransu gida uku na ƙasa suke nufi gaba ɗaya, sai an zo tantance takardu rigima ta tashi tsakanin masu aikin.

Abin da ya fi wannan wahala shi ne ƙasashe suna sauya gida. Kenya ta hau gida na biyu a 2015. Nepal da Tanzaniya sun hau a Yulin 2020, a daidai lokacin da Sudan ta sauko gidan ƙasa. Ga yadda wannan zai shafe ki. Akwai gwajin da Jordans da abokan aikinsa suka wallafa a 2010, an yi shi a makarantu 8 a Nepal da yara 325, zama 15 cikin mako 5, kuma sun auna fargaba. Idan kika ce jerin bana za ki bi, wannan gwaji ya fita, duk da cewa lokacin da aka yi shi Nepal tana can ƙasa. Gwajin Shamiri kuwa, wanda aka yi a makarantun sakandaren Kenya aka wallafa a 2021, ya fita ko ta wace hanya kika bi, domin Kenya ta riga ta hau kafin a fara shi. Shawarata ki rubuta jimla ɗaya karara: za a duba matsayin ƙasa a shekarar da aka fara ɗaukar yara cikin binciken, idan ba a faɗi shekarar ba sai a ɗauki shekarar wallafawa. Bankin Duniya yana da fayil ɗin Excel mai suna OGHIST da ke nuna gidan kowace ƙasa shekara bayan shekara tun 1987. Ki sauke shi, ki rubuta ranar da kika sauke, ki ambace shi a furotokol.

Da ni ne, zan ɗauki gidan ƙasa da na biyu tare, in kuma rubuta tun yanzu cewa zan ware sakamakon gidan ƙasa in nuna shi shi kaɗai. In kika tsaya ga gidan ƙasa zalla, ki shirya wa yiwuwar samun gwaje-gwajen da ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, kuma yawancinsu daga wuraren da aka yi yaƙi.

Wannan ya kawo mu kalma ta biyu, fargaba. Binciken da ake yi a makarantun irin waɗannan ƙasashe ba kasafai ake shirya shi don fargaba kaɗai ba. Ana shirya shi ne don yaran da suka ga tashin hankali, ko don ciwon damuwa, ko don lafiyar ƙwaƙwalwa gaba ɗaya, sai a auna fargaba a gefe. Saboda haka dole ki zaɓa: shirin da aka ƙirƙira don fargaba kike nema, ko duk shirin lafiyar ƙwaƙwalwa na makaranta da ya auna fargaba da ma'auni sananne? Na farko ya fi tsabta, amma kwandonki zai dawo kusan wayam. Na biyu nake ba ki shawara, da sharaɗin ki rubuta cewa ciwon firgicin bayan tashin hankali ba ya cikin abin da kike kira fargaba. Kina da madogara, domin DSM-5, kundin rabe-raben cututtukan ƙwaƙwalwa, ta cire shi daga rukunin cututtukan fargaba tun 2013. Idan takarda ta auna shi kaɗai, ta fita. Idan ta auna shi ta kuma auna fargaba daban, sai ki ɗauki alƙaluman fargabar ki bar sauran.

Malam Isiyaku: Madalla da wannan aiki, ƙanwata. Sai dai mako shida ya yi kaɗan a gaskiya. Kafin ki shiga kowace makaranta sai kin sami takardar izini daga ma'aikatar ilimi, sannan shugaban makaranta, sannan iyaye su sa hannu. Kuma kar ki kuskura ki raba wa yara takardar tambayoyi ana saura mako biyu jarrabawar ƙarshen zango, kowane yaro a tsorace za ki same shi. Haka in an dawo hutu, mako na farko rabin aji ba su dawo ba.

Dakta Bashir: Malam Isiyaku, ba shiga makaranta za ta yi ba. Takardun binciken da wasu suka riga suka yi za ta tattara ta auna, don haka ba ruwanta da izinin iyaye. Amma maganarka ta biyu tana da amfani ƙwarai, kuma da wuya ka gan ta a furotokol. Idan an auna yara a farkon zango aka sake auna su a makon jarrabawa, makin fargaba zai iya tashi a ɓangarorin biyu, ya danne tasirin shirin ko ya rikita shi, musamman in makarantun ɓangarorin ba rana ɗaya aka auna su ba. Malama Rukayya, ki ƙara gurbi a fom ɗin kwasar bayanai: a wane lokaci na zangon karatu aka yi kowane awo, kuma yara nawa ne ba su zo ranar ba. Yaron da fargaba ta fi damu shi ne ya fi yiwuwa ya ƙi zuwa makaranta, to in shi ne ya ɓace daga awo na biyu, sakamakon zai yi kyau fiye da gaskiya.

Malam Isiyaku: Af, na fahimta yanzu. To ta kuma duba ko malamin ajin ne ya koyar da shirin kuma shi ya raba takardar tambayoyin. Yaro ba ya gaya wa malaminsa cewa darasinsa bai yi amfani ba.

Hajiya Binta: Rukayya 'yata, ni ɓangaren laluben takardu zan taɓa. Abin da ya sa kike ganin dubbai ko 'yan ƙalilan shi ne kina zuba komai a layi ɗaya. Ki gina shi tubali huɗu, kowanne ki gwada shi shi kaɗai kafin ki haɗa: fargaba, makaranta, ƙasashe, da nau'in bincike. Tubali biyu na farko a PubMed za su yi kama da haka:

```
("Anxiety"[Mesh] OR "Anxiety Disorders"[Mesh] OR anxi*[tiab]
 OR worry[tiab] OR internali*[tiab] OR distress[tiab]
 OR "mental health"[tiab] OR psychosocial[tiab])
AND
("Schools"[Mesh:NoExp] OR "School Health Services"[Mesh]
 OR school*[tiab] OR classroom*[tiab] OR pupil*[tiab])
```

Ki lura da abu biyu. Na faɗaɗa tubalin fargaba da gangan, saboda abin da Dakta Bashir ya faɗa: takardar da ta auna fargaba a gefe sau da yawa ba za ta ambace ta a take ko a taƙaitaccen bayani ba. Sannan na sa NoExp a kan Schools domin jami'o'i suna ƙarƙashinsa a MeSH, jerin kalmomin da PubMed ke rarraba takardu da su, in kika bar shi a buɗe takardun ɗaliban jami'a za su cika miki kwando. Kar ki yi tubali na sunayen shirye-shirye, domin ba ki san sunan da kowa ya raɗa wa nasa ba.

Tubalin ƙasashe kuwa kar ki tsaya ga kalmomi irin "low income" ko "developing". Mai bincike a Malawi "Malawi" zai rubuta, ba zai ce ƙasarsa matalauciya ba ce. Ki ɗauko matatar ƙasashe da rukunin EPOC na Cochrane, ƙungiyar masu bita mai tsari, ya shirya, ki daidaita ta da jerinki, ki tabbatar tsofaffin sunaye irin Zaire da Burma suna ciki in kin koma baya da nisa.

Rumbunan da zan sa su ne MEDLINE da Embase da PsycINFO da CENTRAL da ERIC. ERIC na fannin ilimi ne, kyauta ne, kuma likitoci suna yawan manta shi alhali a makaranta ake aikin. Ki ƙara Global Index Medicus na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda African Index Medicus ke cikinsa, da AJOL, rumbun mujallun Afirka. Shi AJOL ba ya ɗaukar dogon layi irin na sama, sai ki yi gajerun lalube da yawa ki rubuta kowanne da ranarsa da adadin da ya fito. Don gwaje-gwajen da aka yi rajistarsu ba a wallafa ba, ki duba ICTRP da PACTR da ClinicalTrials.gov. In makarantarku ba ta biyan Embase ko PsycINFO, ki tambayi ɗakin karatu abin da suke samu ta Research4Life, kuma kar ki rubuta rumbun da ba ki tabbatar kina iya shiga ba.

Maganar harshe kuma ba ƙarama ba ce a aikinki. Nijar, Chadi, Mali, Burkina Faso, Burundi, Kongo da Madagaska da Faransanci suke aiki, Mozambik da Fotugis. In kika rubuta "Turanci kawai", kin zubar da babban kaso na ƙasashen da kika ce su kike nazari. Ki nemi mai Faransanci tun yanzu ki sa shi cikin masu aikin.

Gwajin da zai nuna miki lalubenki ya yi shi ne wannan: ki tara takardu 8 zuwa 10 da kika riga kika san sun cancanta, ki ga ko layin ya kamo su duka. Duk wadda ta kuɓuce, ki buɗe ta ki ga wace kalma ta yi amfani da ita.

Nura: Ni a ganina ana wahalar da ita. Ta gama lalube da tantancewa, ta ga abin da ke akwai, sannan ta yi rajista a PROSPERO, don kar ta yi alkawarin abin da ba za ta samu ba. Kuma ta ɗauki binciken fargabar jarrabawa, domin akwai su da yawa daga Najeriya da ma wasu ƙasashen Afirka, za su cika mata adadi. Ga kuma binciken da ba a yi ƙuri'a ba, wanda aka ba makaranta ɗaya shiri aka bar ɗaya. In ta ce sai na ƙuri'a kawai, me za ta rubuta a babin?

Dakta Bashir: Nura, rabin maganarka daidai ce. Lalube na share fage kafin rajista ya halatta, har ma wajibi ne, don a san girman aikin a kuma duba PROSPERO ko wani ya riga ya ɗauki taken. Kuma PROSPERO tana karɓar rajista matuƙar ba a fara kwasar bayanai ba. Amma tantancewa gaba ɗaya sannan a rubuta ƙa'idoji, wannan shi ne ainihin abin da furotokol ya zo hanawa. Wanda ya riga ya ga sakamakon takardu, ko bai yi niyya ba, zai ja layi inda waɗanda yake so za su shiga. Ta rubuta bisa PRISMA-P, jerin abubuwa 17 da ya kamata furotokol ya ƙunsa, ta yi rajista, sannan ta fara tantancewa. In daga baya ta ga dole a sauya wani abu, ta sauya ta rubuta rana da dalili.

Fargabar jarrabawa ban yarda a zuba ta tukunya ɗaya da sauran ba. Ma'auninta daban, kuma yaron da ke rawar jiki a ɗakin jarrabawa kaɗai ba shi ne yaron da ba ya iya barci ko rabuwa da uwarsa ba. In ta ɗauke su, za su fi sauran yawa, sai a wayi gari bitar ta zama ta jarrabawa. Ko dai ta cire su ta faɗi dalili, ko ta ɗauke su a matsayin tambaya ta biyu da teburinta daban.

Dakta Zainab: Bari in shigo ta kan maganar Nura ta ƙarshe, domin a nan lissafi ke ruɗar mutane. A makaranta ba kasafai ake jefa ƙuri'a kan yaro ɗaya-ɗaya ba, makaranta ko aji ake rabawa. Yaran makaranta ɗaya kuwa sun yi kama da juna: malamansu ɗaya, unguwarsu ɗaya, abin da ya firgita su ɗaya. Don haka yara 40 daga makaranta ɗaya ba su kai darajar yara 40 daga wurare daban-daban ba. Takardu da yawa suna lissafi kamar ba haka abin yake ba, kuma in kika kwafi alƙalumansu yadda suke, kin gaji kuskurensu. Gyaran shi ne:

```
DE = 1 + (m - 1) * ICC
n_eff = n / DE
```

m shi ne matsakaicin yawan yara a kowace makaranta, ICC kuma gwargwadon kamannin yaran makaranta ɗaya. DE shi ne abin da za a raba jimlar yara, wato n, da shi, n_eff kuma adadin da suka koma bayan gyara. Ga misali na ƙirƙira don ki ga nauyin abin. A ce makarantu 8, kowacce yara 40, jimla 320, wato 160 a kowane ɓangare. A ce takardar ta sami bambanci na 0.30 a ma'aunin bai ɗaya, kuma ta lissafa kamar yara 320 ne masu zaman kansu. Tazarar amincewarta za ta kama daga kusan 0.08 zuwa 0.52, sai a yi shelar cewa shirin ya yi aiki. Yanzu ki sa ICC na 0.05. DE ya zama 1 a tara da 39 sau 0.05, wato 2.95. Yara 320 sun koma daidai da 108. Tazarar ta buɗe, ta kama daga kusan -0.08 zuwa 0.68, ta haɗiye sifili. Alƙaluma ɗaya ne, amma hukuncin ya sauya, haka ma nauyin da takardar za ta samu in an haɗa ta da sauran.

Abin da za ki rubuta a furotokol shi ne tsani mai hawa uku. In marubutan sun yi lissafin da ya lura da rukuni, ki ɗauki nasu. In ba su yi ba amma sun faɗi ICC, ki gyara da kanki. In babu ICC, ki aro daga gwaji mai kama da shi a cikin bitar, in babu ki sa 0.05, sannan ki sake lissafi da 0.02 da 0.10 ki ga ko hukuncin ya tsaya. Lambar da kika zaɓa ba ta kai muhimmancin zaɓenta tun kafin ki ga sakamako ba.

Amma irin wanda Nura ya kawo, makaranta ɗaya a nan ɗaya a can, babu lissafin da zai gyara shi. Ko da tsabar kuɗi aka jefa aka zaɓi wadda za a ba shirin, ba za ki iya raba tasirin shirin da tasirin makarantar kanta ba: wataƙila shugabanta ya fi kirki, wataƙila an daina bulala a zangon. Rukunin EPOC ya sa ƙa'idar aƙalla wurare biyu a kowane ɓangare, ki ɗauki wannan ƙa'ida ki rubuta ta.

Sai ma'auni. Za ki tarar da SCARED mai tambayoyi 41 da gajerarta mai 5, da SCAS, da RCADS mai 47 wanda ya haɗa fargaba da ciwon damuwa, da GAD-7 da aka fara yi don manya. Takarda ɗaya tana iya kawo biyu ko uku, ga na yaro ga na uwa ga na malami. Ki jera tun yanzu wanda za ki fifita: abin da yaro ya faɗa da bakinsa kafin na iyaye, na iyaye kafin na malami, domin fargaba a ciki take, malami ya fi ganin mai surutu fiye da mai shiru. Sannan ma'aunin fargaba zalla kafin ɓangaren ma'auni mai haɗe-haɗe. Ɓangaren motsin rai na SDQ tambayoyi 5 ne da suka cakuɗa damuwa da tsoro da ciwon kai, ni ba zan ƙirga shi a babban lissafi ba. Ki kuma yi gurbin da zai nuna ko an fassara ma'aunin zuwa harshen yaran an gwada ingancinsa a wurin, ko kuwa mai raba takarda ne ke fassarawa da baki a tsaye. Mu kanmu da Hausa, fargaba da zullumi da damuwa da faɗuwar gaba ba abu ɗaya ba ne, kuma wadda aka zaɓa a fassara tana sauya amsar yaro.

Lokacin awo ma ki yanka shi gida uku: daga ƙarshen shiri zuwa wata ɗaya, daga nan zuwa wata shida, sai abin da ya wuce wata shida. In takarda ta yi awo biyu a gida ɗaya, ki faɗi wanda za ki ɗauka, misali na ƙarshe.

Rukayya: Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Dakta Zainab, to in na tashi da takardu biyar ko shida kawai, in haɗa alƙaluman ko in bari? Kuma mu biyu za mu iya tantancewar?

Dakta Zainab: Ba yawansu ne zai fara yanke hukunci ba, kamanninsu ne. Kar ki haɗa shirin da aka ba aji gaba ɗaya da wanda aka ba yaran da aka tace aka ga makinsu ya yi sama. A na farko yawancin yaran lafiyarsu ƙalau, babu inda makinsu zai sauka, don haka tasirin kan fito ƙarami. Haka kar ki haɗa wanda aka kwatanta da "ba a yi komai ba" da wanda aka kwatanta da wani darasi, kamar yadda Shamiri ya kwatanta da koyar da dabarun karatu. In bayan wannan rabo kin sami aƙalla uku masu kama, ki haɗa da Hedges g, ki zaɓi REML da gyaran Hartung-Knapp a ƙunshin `meta` ko `metafor` na R, ki sa ran tazara mai faɗi. In ba su kai ba, ki bayyana su bisa jagorar SWiM, kuma ki guji ƙirga "uku sun yi nasara, biyu ba su yi ba" bisa ƙimar p. Kar ki yi alkawarin zanen mazurari don gano takardun da aka ɓoye sai kin sami aƙalla 10. Rabe-raben ƙananan rukuni ma ki tsaya ga biyu ko uku, ki faɗi inda kike zaton kowanne zai karkata. Wanda ya fi amfani a irin waɗannan ƙasashe shi ne waye ya gudanar da shirin, malamin makaranta ko wani da aka horar daga waje, domin shi zai nuna ko abin zai ɗore bayan masu bincike sun tafi.

Ki kuma sa cutarwa cikin abin da za ki nema. Gwajin MYRIAD na Birtaniya, na koyar da ɗalibai natsuwar zuciya a makarantu sama da 80, bai sami fifiko a kan darasin da aka saba ba, har aka ga alamar cewa yaran da ke da rauni tun farko ba su amfana ba. Shiri na magana ma yana iya tayar wa yaro da hankali, ko ya sa 'yan aji su riƙa nuna wanda aka ware. In takardu ba su ce komai a kai ba, ki rubuta cewa ba su auna ba.

Wajen auna karkata, RoB 2, ma'aunin Cochrane na gwaje-gwajen ƙuri'a, yana da fom na musamman don gwajin rukuni, da ƙarin tambaya a kan ko an zaɓi yaran kafin a san ɓangaren da makarantarsu ta faɗa ko bayan an sani. Maganar Malam Isiyaku ta malamin da ke raba takarda ma a nan za ta shiga, a sashen yadda aka auna sakamako. Ku yanke tun yanzu yadda za ku hukunta wannan sashe, domin yaro ne ke ba da amsa kuma ya san an yi masa shiri, kusan kowace takarda za ta sami tabo a wurin.

Hajiya Binta: Ku biyu za ku iya, amma ki rubuta sunan na uku mai raba gardama, ko da mai duba aikinki ne. Ku cire maimaici a Zotero, ku ɗora a Rayyan, ku bar makullin da ke hana ku ganin hukuncin juna a kunne. Ku fara da take 100 ɗin farko kowa shi kaɗai, sannan ku zauna ku duba inda kuka saɓa. Kusan kullum saɓanin yana nuna jimlar da ba ta fito fili ba a ƙa'idojin. Shin makarantar da ke sansanin 'yan gudun hijira makaranta ce? Shirin da ake yi a harabar makaranta bayan an tashi fa? Makarantar allo da Islamiyya fa? Ɗan shekara 20 da ke ajin ƙarshe na sakandare, wanda ba baƙon abu ba ne a waɗannan ƙasashe, yaro ne a wurinku? A kan wannan na ƙarshe, ki sa sharaɗin zama ɗalibin firamare ko sakandare, da matsakaicin shekarun mahalarta tsakanin 5 da 19, maimakon yanke kowa a 18. Ki ware lokaci da gaske: take 5,000 a kan rabin minti kowanne ya haura awa 40 ga kowace ɗayanku, ban da karanta cikakkun takardu.

Nura: Na karɓi maganar rajista da ta makaranta ɗaya-ɗaya. Amma har yanzu ina ganin cire duk binciken da ba na ƙuri'a ba asara ce. Akwai masu makarantu shida ko takwas, da awo kafin da bayan shiri, da ɓangaren kwatanci. A wuraren da ake rikici sau da yawa shi ne iyakar abin da za a iya yi, kuma su ne yaran da suka fi bukata.

Dakta Bashir: Ban ce hujjarka ba ta da ƙarfi ba. Matsalar kuɗinta ne. In ta ɗauke su, sai ta yi amfani da ROBINS-I, ma'aunin karkata na binciken da ba na ƙuri'a ba, wanda ke bukatar ta jera abubuwan da ke iya rikita sakamako tun a furotokol: makin fargaba na farko, jinsi, shekaru, abin da yaran suka gani na tashin hankali, makarantar gwamnati ce ko ta kuɗi. Kowace takarda tana cin sa'o'i, ga su mutum biyu. Ni zan ce ta tsaya ga na ƙuri'a, ta jera sauran a tebur ba tare da hukunci ba.

Dakta Zainab: Ni ina tare da Nura a nan, da sharaɗi. Ta ɗauki masu ɓangaren kwatanci da awon farko da aƙalla makarantu biyu a kowane ɓangare, kuma kar ta taɓa haɗa alƙalumansu da na ƙuri'a a lissafi ɗaya. Rukayya, abin da zai raba mu da Dakta Bashir yana hannunki. A makon nan ki gudanar da layin Hajiya Binta a PubMed da ERIC, ki ɗebi take 300 ba tare da zaɓe ba, ki ƙirga nawa ne suka yi kama da na ƙuri'a, nawa ne na kwatanci ba ƙuri'a, daga wane gida na Bankin Duniya, ba tare da kin buɗe sakamakon ko ɗaya ba. Ki kawo mana lambobin, da kuma jimlar abin da layin ya fitar.

Rukayya: In sha Allah zan kawo su ranar Litinin. Hajiya, zan turo miki tubalin ƙasashen ki duba mini kafin in gudanar, musamman waɗanda suka sauya gida.